Har Ɗakin Zai Zo

Rabin minti Babbar Sista ta ba ni, ni kuma na ƙarar da shi kaf a kan labarin hatsari.

A ɗakin wankin asibiti nake aiki, can baya kusa da injin wuta, inda ba mai leƙo mu sai in zanin gado ya ƙare. Duk ƙarshen wata sashen gashin ƙashi yakan tara marasa lafiyarsa da masu jinyarsu a wani zaure mai fanka biyu, ɗayar ma ba ta juyawa. A yi musu bayanin motsa jiki da yadda za su kauce wa gyambon kwanciya, a ƙarshe kuma a ba duk mai sana'ar da za ta amfane su dama ya gabatar da kansa. Ba a raba takarda, ba a manna komai a bango. Babbar Sista ce ta kafa wannan doka tun ranar da wani ya cika zauren da tallan maganin ƙarya. Abin da ka faɗa da baki shi mutane za su tafi da shi gida, in ma sun tafi da shi.

Maigidana bakanike ne, na babura da kekuna, kuma ba don nawa ba ne, hannunsa yana da kyau. Mota ce ta buge shi a hanyar dawowa daga gareji, ƙafafun suka daina amsawa. Tun da aka sallamo shi bai sake tsallake ƙofar gidanmu ba. Ya ce ba zai bi layin nan a keken guragu yaran da ya koya wa riƙe sifana suna yi masa sannu ba. Yini yake a baranda da rediyo a cinya. Wata rana na lallaɓo wani keken guragu da aka jefar a bayan sashen na kawo gida, na ce masa Sista ce ta roƙa a gyara. Kafin la'asar ya warware shi, ya wanke boris ɗin da tayoyin ke juyawa a kai ya sa giris, ya ɗaure birki, har ya yi mini faɗa don na taɓa masa noti. Rabon da ya yi wa wani faɗa a kan aiki har na manta, ranar nan kuwa daɗi ya hana ni zama.

Daga wannan keken aiki bai sake zuwa ba. Ƙaninsa kuma ya samo wanda zai sayi kayan aikin gaba ɗaya, da akwatin da famfon da injin walda, maigidan ya ce to. Ni na san mutumin da nake aure. Ranar da akwatin nan ya fita daga gidan, abin da ya rage masa shi ne rediyo da bango. Shi ya sa na je na roƙi Babbar Sista rabin mintin nan.

Da na miƙe a gaban mutane, sai na fara da sallama, na gode wa Sista, na gode wa likitoci, na ce ni ba gwanar magana ba ce. Sannan na shiga labarin ranar da aka kira ni a waya. Ina daidai inda motar ta tsaya Sista ta ɗaga hannu, lokaci ya cika. Ban ambaci keke ba ko sau ɗaya. A bakin ƙofa wata tsohuwa ta kama hannuna ta ce Allah ya ba ni ladan jinya, wani kuma ya fara laluben aljihu. Kunya ta kama ni, haushi ya biyo baya, na koma ɗakin wanki na huce a kan zannuwan mutane.

A gida na ce da maigidan ya ƙara mini wata ɗaya, zuwa taro na gaba.

“Ke dai ba ki gajiya,” ya ce, bai ko rage rediyon ba. “To. In taron ya wuce ba aiki, ƙanina ya zo ya kwashe.”

Ranar hutuna na tafi gidan Yaya. Ita ce babbarmu, a gidan rediyo take rubuta tallace-tallace, kuma tun muna yara ba ta iya lallashi ba. Na same ta a kicin tana wanke kwanuka. Ta ce in faɗi abin da na faɗa a zauren, ita kuma ta ci gaba da wankinta, ko juyowa ba ta yi ba. Da na gama na ce, “Yaya, ai ba ki saurara ba.”

“Haka su ma suke saurare, Auta. Wannan yana gyara wa mijinta filo, wancan yana tunanin motar komawa. Kin ɗauka sun zo da alƙalami ne? To ni abin da ya maƙale mini, an buge wani. Me mijin naki yake yi?”

“Gyaran keke.”

“Ki fara da nan mana. Godiya ki yi wa Sista a ofishinta. Me yake gyarawa?”

Na shiga lissafi: taya, birki, ƙananan tayoyin gaba, mazauni, wurin ɗora ƙafa, walda in ƙarfe ya tsage, har fenti. Yaya ta ɗaga hannu mai kumfa.

“Tsaya, ba kanti muka zo buɗewa ba. Uku za ki ɗauka.”

“Me ya sa uku? Ai duk yana yi.”

“In kin faɗi biyu, kunne yana nan yana jiran saura. In kin kai huɗu ko biyar, kafin ki zo na ƙarshe na farkon ya zube. Uku kuwa, na farko ya nuna hanya, na biyu mutum ya ce au, haka abin yake tafiya, sai na uku ya same shi a shirye. Kuma ki nemi kalma ɗaya ki kafa ta kamar turke, duk jimla ta dawo ta ɗaure a nan. Wace kalma kike so su kwana da ita?”

Na kalli kumfar hannunta. “Gyara.”

“Zai gyara,” ta ce. “Ba yana iya gyarawa ba, ba in Allah ya kai mu za a duba ba. Kuma kada ki faɗi sunan ƙarfe kawai, ki faɗi abin da yake samun ƙarfen, don shi suka sani.”

Muka zauna a kan tabarma muna sassaƙa. Biyun farko ba su ba mu wahala ba. In taya ta sace, zai gyara. In birki ya saki, zai gyara. Yaya ta sa na maimaita ina tafa cinya, ta ce tsawonsu ya zama ɗaya, kuma in ja numfashi bayan kowane zai gyara, kada in bi ta kansa da gudu kamar wadda aka biyo. Na ukun ne ya tsaya mana a wuya. Na ce, in mazauni ya yage, zai gyara. Ta yatsine fuska.

“Gaskiya ne, amma ba shi da nauyi. Na uku shi ya kamata ya fi tsawo, kuma shi ne zai taɓa inda yake musu ciwo. Ke da kike cikinsu, me ya fi damunsu game da keken nan?”

Wannan ba sai na yi tunani ba. Wanda kekensa ya lalace ba shi da ƙafar kai shi wurin gyara, ai a kansa yake zaune. In an ɗauka an kai wa masu gyaran keken hawa, sai ya yi kwana da kwanaki a can, mai shi yana kwance yana kallon silin, ko banɗaki sai an ciccibe shi. Da yawa sun gwammace su ɗaure da igiya su ci gaba da maneji. Ina cikin faɗa wa Yaya haka sai jimlar ta fito da kanta: in kuma keken ya ƙi fita daga ɗaki, har ɗakin zai zo ya gyara.

Yaya ta ajiye kofin shayinta. “Wannan ita ce. Wallahi da a ofis ne da na ce a shiga ɗaukar murya.” Sai kuma ta dube ni sosai. “Zai je ɗin?”

Na shiga gyara bakin tabarma.

“Auta, mijinki da ko ƙofar gida ba ya leƙawa? A'a. Cire ta. Bari in nuna miki wani abu.”

Mijinta yana falo yana kallon ƙwallo. Ta tsaya a kansa ta faɗi jimlolin uku sau ɗaya, ya ce uhm, idonsa a kan talabijin. Muka koma kicin muka gama shayinmu, muka yi gulmar wata ƙawarta, sannan ta ƙwala masa kira ta ce me ta faɗa masa ɗazu.

“Wani ne zai gyara,” ya ce. “Taya ce ko me? Oho. Na dai ji har ɗaki yake zuwa.”

“Kin gani?” in ji Yaya. “Na ƙarshen shi ya fi zama. Duk inda za ki yi ƙari, kada ki yi shi a na uku, don shi za su biyo ki da shi.”

Muka koma wa mazaunin muka ƙara masa tsoka: in mazauni ya yage har kana jin ƙarfe a jikinka, zai gyara. Ba laifi, kuma gaskiya ne. Yaya ta ce in fara da ko ni wace ce a jimla ɗaya, in rufe da inda za a same ni, daga nan in zauna, kada in ƙara ko tari. Watan nan duka da shi na yi wanki. Injin yana juyawa ina faɗa, ina ninke zani ina faɗa, har abokiyar aikina ta fara amsa mini zai gyara daga bayan igiyar shanya. Maigidan bai taɓa tambayata me nake shiryawa ba, ni ma ban faɗa ba.

Ranar taron na zauna a layin baya. Kusa da ni wata mata ce mai farin tabarau, na san ta da gani, takan turo mijinta, wani tsohon hedimasta da ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Yau ita kaɗai ce. Na tambaye ta mai jiki.

“Yana gida, 'yar nan,” ta ce. “Birkin keken ya saki, ya zo komawa gado keken ya gudu, ya faɗi. Ƙaramar tayar gaba ma ta ci. Tun ranar ya ƙi yarda ya sake hawa, kuma ya hana a fita da keken, wai in ya tafi ba zai dawo ba. Ni na zo ne in ji abin da za a ce in kai masa.”

Mai sayar da katifa ya tashi ya yi nasa, ya lissafo iri bakwai, ban riƙe ko ɗaya ba. Mai ɗinka takalmin masu ciwon ƙafa ya yi nasa. Sannan Babbar Sista ta dube ni ta saman tabarau, kallon da ke cewa wannan karon ki yi hankali.

Ba zan ce bakina ne ya suɓuce ba. Tsakanin kujerata da gaban zauren na yanke shawara, ina sane, kuma na san abin da zan tarar a gida.

“Ni matar Mai Keke ce,” na ce. “In taya ta sace, zai gyara.”

Na ja numfashi yadda Yaya ta koya mini. Wani mutum da ke duba wayarsa ya ɗago.

“In birki ya saki, zai gyara.”

Wata daga gefe ta riga ni ƙarasawa, aka ɗan yi dariya.

“In kuma keken ya ƙi fita daga ɗaki, har ɗakin zai zo ya gyara. Ku neme ni a ɗakin wanki.”

Na koma na zauna. Ban ma cinye rabin mintin ba. Ana fitowa na ji wani yana gaya wa ɗan'uwansa a baranda, wai akwai mai gyara, har ɗaki yake zuwa. Matar hedimasta kuwa ba ta bari na kai ɗakin wanki ba, a hanya ta tsare ni. Ta kwatanta mini gidansu, wani dogon gini mai ruwan ƙwai a bayan gidan mai, muka yi da ita gobe da hantsi tunda ba ni da aiki. Ban tambaye ta komai ba, ita ma ba ta ƙara komai ba.

Yaya na fara kira. Da na ba ta labari ta ce, “Na gaya miki.” Na ce ta gaya mini. Ta ce, “To je ki ɗauki abin da kika saya.”

Na tarar da maigidan a baranda. Na ce an samu aiki, sai na ga kafaɗunsa sun ɗan miƙe, ya ce yaushe za a kawo. Na ce ba kawowa za a yi ba. Na faɗa masa jimlolin uku kamar yadda na faɗa a zauren, ban rage ba. Ya kashe rediyon.

“Wa ya aike ki?”

“Ba kowa.”

“Kin tsaya a gaban jama'a kin yi alkawari da ƙafafun da ba naki ba? Ni kika mayar abin talla?”

“Hannunka na yi wa talla, Baban yara.”

“Gobe ki koma ki ce musu ƙarya kika yi. A kawo keken nan in gyara, ko a bari.”

“Mutumin ya hana a fita da shi. Kai ka fi kowa sanin dalili. Ranar da na ce zan kai naka a yi masa fenti, me ka ce mini?”

Ya juya keken ya ba ni baya. Raina ya ɓaci, na kuwa faɗi abin da na daɗe ina haɗiyewa. Na ce yaran garejin da yake gudu sun gaji da tambayata shi. Na ce ni ban ji kunyarsa ba ko rana ɗaya, shi ne yake jin kunyar kansa, ya kuma ɗora mana ita mu duka muna ɗauka. Ya ce in na gama in rufe masa ƙofa. Abincinsa ma da na ajiye haka na ɗauke shi, bai taɓa ba.

Da safe na yi wanka na shirya, na kira mai tasin da ke kai ni aiki in an yi ruwa. Sannan na shiga ɗakin ajiya na jawo akwatin kayan aikin. Nauyinsa ya kusa cire mini kafaɗa, sai da na ja shi a ƙasa yana ƙara har baranda.

“Ina za ki da akwatina?”

“Gidan hedimasta. Na ce za a zo, kuma za a zo. Abin da na iya zan yi, in na ɓata in ba su haƙuri.”

“Ke? Birkin wane iri ne, na turawa ko na ja?”

“In na je na gani.”

“In boris ɗin tayar gaba ya fashe, da me za ki fitar da shi?”

“Da guduma.”

“Guduma!” Ya dafe kai. “Za ki kashe wa bawan Allah keke gaba ɗaya. Wane hannu ne ya shanye masa?”

“Na dama.”

“To birkin dama ai da hagu zai riƙa kama shi, sai an ƙara wa hannun birkin tsawo. Akwai guntun bututu a bayan ƙofa, kin ɗauka? Ba ki ɗauka ba. Kuma sai ya zauna a kai an ga inda hannunsa ya kai, ba a yin sa da ka.” Ya kalli akwatin. Mai tasi ya yi hon a waje. Ni dai na tsaya, don na san in na ƙara kalma ɗaya na ɓata.

“Ɗauko mini rigata mai aljihu,” ya ce. “Da bututun.”

Akwai ɗan tudu a ƙofar gidanmu. Na kai hannu zan tura shi ya ce in bari, ya ɗaga tayoyin gaba ya sauka da kansa. Mai tasi ya gaishe shi kamar jiya suka rabu, Allah ya yi masa albarka, ya naɗe keken ya sa a but ɗin motar. Da muka zo wucewa ta gaban garejin maigidan ya kafe idonsa a kan gilashin gaba. Wani daga ciki ya hango shi ya ɗaga hannu da sifana a ciki yana kiran Oga, Oga. Bai juya ba, amma na ga ya ɗaga yatsu biyu daga kan cinyarsa.

Ginin mai ruwan ƙwai bai yi wuyar ganewa ba. Matar hedimasta tana jiranmu a ƙasa. Ta ga mai tasi ya buɗe but ya fito da keke, ta ga maigidan ya ja jikinsa ya hau, sai fara'arta ta tsaya a rabi. Ta dube ni, ta dubi bayanta. Nan na ga matakalar bene, siririya, ta siminti, ta hau ta yi kwana ta ƙara hawa.

“Wayyo, 'yar nan, ba ki ce mini shi ma a keke yake ba. Mu a sama muke, hawa na farko. Malam ma maƙwabta ne suke sauko da shi.”

Duk tsawon watan nan ina auna kalmomi, ban taɓa tunanin ɗaki yana iya kasancewa a sama ba. Na sunkuya kusa da kunnensa na ce ya isa haka, ya fito, ya zo, ba wanda zai ce bai cika ba. Matar ma ta ce za ta lallashi Malam a sauko da keken nan ƙasa, tunda a kan idonta za a yi. Mai tasi ya ce ko ya nemo wani su ɗauke shi su hau da shi.

Maigidan bai kula mu ba, matakalar yake kallo, irin kallon da yake yi wa injin da ya ƙi tashi.

“Me kika ce musu a zauren?” ya tambaye ni. “Har ƙofar gida kika ce?”

“A'a.”

“Faɗi in ji.”

“Har ɗakin zai zo ya gyara.”

“To.”

Ya tura keken har gindin matakalar, ya juya mata baya, ya ja birki biyu. Ya zame ya zauna a kan mataki na biyu, ya kama ƙafafunsa da hannu ya jera su. Sannan ya dafa matakin da ke bayansa, ya ɗaga jikinsa, ya zauna a na sama, ya jawo ƙafafun. A sashen gashin ƙashi aka koya masa wannan tun yana kwance, ranar ya ce ba abin da zai yi masa amfani. Mai tasi ya matso zai kama shi ya ce, “Kai dai ka biyo ni da keken.”

Na ɗauki akwatin na bi shi daga ƙasa, muna fuskantar juna, shi yana hawa da baya. Wata maƙwabciya ta buɗe ƙofa ta leƙo, ta buɗe baki za ta yi sannu, ya riga ta da ina kwana, sai ta amsa ta koma. Kafin mu kai kwanar rigarsa ta jiƙe, jijiyoyin wuyansa sun tashi, wandonsa ya kwashe dattin siminti. A kwanar ya jingina da bango yana haki. Hawaye suka zo mini, na ajiye akwatin na yi kamar ina gyara ɗankwali.

“Kada ki fara mini,” ya ce. Ya share goshi da hannun riga. “Watan gobe ma akwai taron?”

“Akwai.”

“Ki faɗa yadda kika faɗa, kada ki canza komai. Sai dai in sun biyo ki ɗakin wanki, don Allah ki riƙa tambayar hawa na nawa ne.”

Ya sake dafa matakin baya ya ɗaga. Matar hedimasta ta riga mu hawa, na ji ta tura ƙofa tana cewa, “Malam, tashi ka gani, ga mai gyaran nan yana hawowa.” A saman benen mai tasi ya buɗe keken, maigidan ya ce a bar shi nan tukuna, ba shi da ƙarfin hawa yanzu, kuma aikin ai a ƙasa ake yin sa. Da hannu ya ja jikinsa ya shige ɗakin.

Tsohon yana kwance a gado kusa da taga, keken nasa a jingine a kusurwa an ɗora masa tawul. Ya ɗago kai da ƙyar yana neman mai gyara a tsayin mutum, bai ga kowa ba sai ni. Sannan idonsa ya sauko ƙasa. Ya daɗe yana kallon maigidana, da ƙafafun da ke biye da shi, da ƙofar da ya shigo ta ciki.

“Ta benen nan?” ya ce, harshensa yana nauyi.

“Ta nan, Malam. Ina kwana, ya jiki?” Maigidan ya jawo keken ya kwantar da shi a gefe, ya juya tayar gaba da yatsa ya kasa kunne. “Boris ne, ba wani abu ba. In na gama za ka hau mu gwada birkin.”

Tsohon ya dubi keken da ya kayar da shi, ya dubi matarsa. Sai ya sa hannunsa na hagu ya yaye bargon.

“Zaunar da ni,” ya ce mata. “In ga yadda yake yi.”